Daren Laraba da jan biro

Ɗiyar yayata tana shekara ta biyu a wata makarantar koyon aikin jinya a Damagaram. A hutun damina da ya wuce aka turo ta zaman koyon aiki, wanda su suke kira sitaj, a wani asibiti nan yankinmu, sai ta sauka a gidana a Matameye. Wata ranar Asabar bayan la'asar ina zaune a zaure ta shigo da takardu shafi shida, ta durƙusa ta ce, "Kawu, don Allah ka duba mini Faransancin nan kafin in kai wa malaminmu. Kuskuren rubutu kawai za ka gyara."

Aikin da aka ba su shi ne kowa ya zaɓi mara lafiya guda ɗaya da ya taimaka aka yi jinyarsa, ya rubuta labarinsa tun daga farkon ciwo har sallama. Ita ta zaɓi wata yarinya mai wata 30 da aka kawo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ni ba likita ba ne. Malamin firamare ne, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli tun da na fito makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad a Damagaram. Na ɗauka aikin rabin awa ne, in zagaye ƴan kalmomi da jan biro in miƙa mata. Sai da muka yi kwana huɗu a kansa. Rahoton da Faransanci yake, amma duk abin da zan ɗauko daga ciki zan kawo shi da Hausa, kuma ba sunan yarinyar ba sunan ƙauyensu.

Faransancinta ba shi da laifi sosai. Abin da ya tsayar da ni yana tsakanin shafi na ɗaya da na biyu. A shafin farko ta rubuta cewa zazzaɓi ya fara ranar Laraba da dare. A shafi na biyu kuma ta ce ranar Laraba da safe uwar ta sayi farasitamol wurin mai tebur ta ba yarinyar rabin ƙwaya saboda zafin jiki. Na karanta sau biyu, na kira ta na ce, "Ɗiyata, wannan uwa duba take yi? Ta ba da maganin zazzaɓi da safe, zazzaɓin bai zo ba sai da dare."

Ta karɓa ta duba, ta ce wallahi haka uwar ta faɗa mata. Na ce to faɗa mini da Hausa, kamar yadda ya fito daga bakinta. Ta yi shiru kaɗan ta ce, "Cewa ta yi, tun daren Laraba jikinta ya ɗau zafi."

Nan na ajiye biro. Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffi ya san daren Laraba ba Laraba da dare ba ne. A lissafinmu na gida rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaba, yini yana biye. Shi ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan magaribar Alhamis, daren Salla kuma shi ne wanda ake wayar gari a tafi idi. Matar ƙauye da ta ce daren Laraba, Talata da dare take nufi. Yarinyar nan tamu ta ji da kunnen Hausa ta rubuta da hannun lakwal, sai yini ɗaya cur ya faɗi a tsakani. An kai yarinyar asibiti Alhamis da dare. A rahoton, zazzaɓin awa 24 ne. A gaskiya kuwa kusan awa 48 ne.

Ta ce, "Kawu, ai duk ɗaya ne, tunda ta warke." Na ce ba ɗaya ba ne, ita ma ta sani. A shafin ƙarshe, wurin sharhi, ta rubuta cewa abin mamaki a wannan yarinya shi ne saurin da ciwon ya yi, cikin yini guda ya kai ta ga suma. Sharhin gaba ɗaya a kan kuskuren fassara ya zauna. Darasin da ke cikin labarin wani ne daban: yarinya ta yi kwana biyu da zazzaɓi ba a gwada jininta ba.

Amma ban yarda mu gyara da zato ba. Yaran yanzu da mutanen gari da yawa suna cewa daren Laraba suna nufin Laraba da dare, don haka ni ma ina iya yin kuskure. Allah ya sa an ce wa uwar ta dawo da yarinyar ranar Litinin a sake duba ta. Na ce idan ta zo kada ki tambaye ta wace rana, tambaye ta da gari ya waye wace rana ce. Litinin da yamma ta dawo tana dariya. Uwar ta ce da gari ya waye Laraba ce, ranar ma da ta sayi maganin.

Daga nan na ce mu ajiye rahoton gefe. Na ɗauko wani tsohon littafin ɗalibai, na ja layi biyu a tsaye na raba shafi gida uku: lokaci, abin da ya faru, wanda ya faɗa ko inda aka rubuta. Wannan ba sabon abu ba ne ga malami. A makarantar horo haka aka koya mana shirya takardar darasi, kowane mataki da mintinsa a gefe, ta yadda mai duba aiki zai san me ya zo kafin me. Daga baya ita ta nuna mini a takardun makarantarsu cewa akwai ƙa'idojin rubuta irin wannan rahoto da likitoci suka fitar a 2013, ana kiransu CARE, kuma jadawalin lokaci yana cikin abubuwan da suka ce a saka. Na ji daɗi, ashe ba ƙauyanci na yi ba.

Cika gidan farko shi ya fi ba mu wuya, domin labarin yana da agogo biyu. Daga ƙofar asibiti zuwa ciki akwai awa da minti a takardar jinya. Kafin ƙofar kuwa agogon uwa shi ne salla da rana: bayan la'asar, ana kiran magariba, da hantsi. Ɗiyata ta so ta mai da su lambobi, ta rubuta ƙarfe 4:30 a madadin bayan la'asar. Na hana. Ba wanda ya duba agogo a gidan. In ka rubuta 4:30 mai karatu zai ɗauka an duba. Muka bar shi "bayan la'asar, a faɗar uwa". Haka kuma muka bi duk wani jiya da shekaranjiya muka kashe su, domin jiya ta mai magana ce, ranar da ya yi maganar. A rahoton akwai jiya guda uku, kuma kowace da ranarta.

Ga abin da ya fito bayan mun gama tattarawa:

Talata da dare: zazzaɓi ya fara.
Laraba da safe: rabin ƙwayar farasitamol. Amai sau biyu da yamma.
Alhamis da hantsi: ta ƙi abinci, kaka ta ba ta jiƙo.
Alhamis bayan la'asar: jijjiga ta farko, a gida.
Alhamis da magariba: ƙaramin asibitin ƙauye, gwajin yatsa ya nuna zazzaɓin sauro, an tura su gaba.
A hanya, bisa kabu-kabu: jijjiga ta biyu.
9:10 na dare: isowa asibiti.

Da jadawalin ya tsaya a gabanmu sai wani abu ya fito fili wanda ni kaina ban lura da shi ba a karatun farko. A rahotonta jijjiga ta biyu tana shafi na uku, nan da nan bayan jimlar da ta ce an yi wa yarinyar allurar artesunat. Ta rubuta, "An yi mata allura. Sai uwar ta sanar da mu yarinyar ta sake jijjiga." Duk wanda ya karanta wannan zai ce allurar ce ta jawo, ko kuma ba ta yi aiki ba. Alhali a kan babur abin ya faru, kusan awa guda kafin allurar. Uwar ce ba ta samu bakin faɗa ba sai da hankalinta ya ɗan kwanta. Ɗiyata ta jera abubuwa ne yadda suka iso kunnenta, ba yadda suka faru a jikin yarinyar ba.

Wannan ciwo na san shi a aji. Ka ce wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ya rubuta labarin ranar da akuyarsu ta ɓace, zai fara da dukan da ya sha, ya koma kan akuya, ya tuna da safe an aike shi, ya dawo kan duka. Mukan yi dariya mu ba shi maki saboda labarin ya yi daɗi. Kuma harshenmu yana da wani ɗan tarko a nan, wato kalmar sai. Sai ya zo, sai ya zauna, sai ruwa ya sauko. Tana ɗinke jimloli kamar zare, kuma kunne yana jin abin da ya biyo bayanta kamar ɗan abin da ya gabace ta ne. A tatsuniya wannan ado ne. A takardar asibiti kuwa yana iya ɗora wa magani laifin da bai yi ba.

Wuri na biyu da jeri ya rikice ya fi wannan ban tsoro. Ta rubuta cewa an auna sukarin jinin yarinyar aka samu giram 0.98 a lita, wato daidai yake, kuma a jimla ta gaba ta ce an ɗura mata ruwan sukari mililita 55 ta jijiya. Na ce, "Ni dai jahili ne a nan, amma me ya sa za a ƙara wa mai daidai?" Ta buɗe ɗan littafin aljihunta da take rubutu a bakin gado. Ashe sau biyu aka auna. Da ƙarfe 9:20 an samu 0.35. Ta bayyana mini cewa duk abin da ya yi ƙasa da 0.40 faɗuwar sukari ce mai haɗari, tana daga cikin alamun da ake cewa zazzaɓin sauro ya yi tsanani, kuma ita kaɗai ta isa ta sa yaro suma ko jijjiga. Da 9:25 aka ɗura ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 ga kowane kilo, yarinyar kilo 11 ce, shi ya ba da 55. Da 9:55 aka sake aunawa aka samu 0.98.

Na tambaye ta me ya sa ta bar na farkon. Ta ce ta ga lambobin sun yi yawa, sai ta zaɓi na ƙarshe tunda shi ne sakamako. To ga shi ta yar da lambar da ta bayyana komai, ta riƙe wadda ba ta da ma'ana sai an san ta farko. Aiki mafi kyau da aka yi wa yarinyar a daren nan, wato gano faɗuwar sukari cikin minti goma da isowarta, ya koma kamar ganganci a takarda. Muka gyara ya zama layi uku, kowanne da lokacinsa, awon farko, ɗurin, awo na biyu. Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada a sauran shafukan: duk inda na ga an ba da wani abu, sai in nemi dalilinsa a sama da shi, in nemi sakamakonsa a ƙasa da shi. In babu ɗaya sai in sa alamar tambaya a gefe. Ban taɓa canza lamba ko guda da hannuna ba. Wannan ba hurumina ba ne, nawa tambaya ce.

Sai maganar tsawo. Ga yadda ta buɗe bayanin isowar yarinyar: "Abin tausayi, a wannan dare aka kawo mana wannan ƙaramar yarinya cikin wani mawuyacin hali mai tayar da hankali, jikinta ya yi zafi ƙwarai da gaske, ta galabaita matuƙa, kuma ana iya cewa kusan ba ta cikin hayyacinta." Da a ajina ne da na rubuta mata "da kyau" a gefe, kuma abin da ya dame ni ke nan. Mu muka koya musu haka. Muna ba da maki ga mai cika shafi, muna yaba wa mai jera manyan kalmomi, yaro ya tashi yana ganin gajeren rubutu alamar rashin sani ne.

Na ce mata ta ɗauka majo ne zai karanta da ƙarfe uku na dare, da fitilar waya, ga yara goma suna jira. Me zai ɗauka daga jimlar nan? Zafi ƙwarai da gaske nawa ne? Ta duba ta ce 39.8. Kusan ba ta cikin hayyacinta fa, me kika gani da idonki? Ta ce ba ta amsa kiran uwarta, idonta ba ya bin fuska, amma in an matsa mata farce tana janye hannu tana kuka. Na ce to rubuta wannan. Jimlar ta koma: "Yarinya, wata 30, kilo 11. Zafin jiki 39.8. Ba ta amsa kira, ido ba ya bin fuska. Tana janye hannu da kuka idan an matsa farce." Kalmomin sun ragu, amma yanzu wanda ya zo da safe zai iya maimaita gwajin ya san ko ta samu sauƙi. Da "mawuyacin hali" ba abin da zai gwada.

Tausayin da ke cikin jimlar farko na gaskiya ne, na ga idonta lokacin da take ba ni labarin daren. Ban ce ta daina jinsa ba. Cewa na yi wurinsa bakin gado.

Akwai jimla ɗaya da muka yi gardama a kanta har matata ta leƙo. Ta rubuta, "Saboda sakacin iyaye ba a kawo yarinyar da wuri ba." Na tambaye ta sakacin nan ta gan shi ne ko ta auna shi. Ta ce ai a fili yake, jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar tun 2006, me ya hana su zuwa? Na ce kin tambaya? Ta tambaya, yana ma cikin littafinta, ba ta dai ga ya cancanci shiga rahoto ba. Mijin yana ci-rani a Kano. Uwar ba ta fita sai da izinin surukinta, shi kuma yana gona har la'asar. Ruwa ya cika ƙoramar da ke tsakaninsu da ƙaramin asibitin, kuma kuɗin kabu-kabu sai da aka ranto. Na ce waɗannan huɗun su ne rahoto, sakaci hukunci ne, kuma ba a aiko ki shari'a ba. Wanda ya karanta sakaci zai girgiza kai ya wuce. Wanda ya karanta izini da ƙorama da kuɗin babur ya san da wa zai yi magana kafin damina mai zuwa. Na san uwaye irin wannan, ƴaƴansu nake koyarwa. Ta goge jimlar, ko da yake na ga ba da son ranta ba.

Yanzu bari in faɗi nawa kuskuren, don kada a ce malam ya wanke kansa. Da hannuna ya saba da yanka sai na zarce. Na iske wani layi mai cewa, "Babu sanƙarewar wuya. Babu kumburin ƙafafu. Fitsari bai yi duhu ba." Na ja masa jan layi na rubuta a gefe: abin da babu ba a rubuta shi. A ganina cika shafi ne irin na ɗalibai.

Ta dubi layin ta dube ni, ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan kam ba zai fita ba." Yaro mai zazzaɓi da jijjiga da suma, in ji ta, ba zazzaɓin sauro kaɗai ake tunani a kansa ba, ana tunanin sanƙarau. Gwajin yatsa ya nuna ƙwayar sauro, amma da damina yara da yawa suna ɗauke da ita, don haka bai kore wani ciwon ba. Rubuta cewa wuya bai sanƙare ba yana gaya wa mai karatu an yi tunanin sanƙarau an kuma duba. In layin ya fita, ba zai san ko an duba ba a samu ba, ko ba a duba ba ne sam. Kumburin ƙafafu na tamowa ne, duhun fitsari kuma wata alama ce ta tsananin zazzaɓin. Kunya ta kama ni, domin mu a nan ba sai an ba mu labarin sanƙarau ba. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Matameye tana cikin wuraren da abin ya taɓa. Na rubuta "a bari" a saman jan layina, irin yadda nake yi in na ci zalin ɗalibi a maki.

Mun kai shafi na biyar ranar Talata da dare, ko in ce daren Laraba. Duk rahoton ya cika da awa da minti, sai wuri ɗaya. Ta rubuta allurar artesunat ta farko dalla-dalla: ƙarfe 9:40 na dare, miligiram 33, wato 3 ga kowane kilo, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2015 ga yaran da ba su kai kilo 20 ba. Ta kuma bayyana cewa ana yin ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24 daga ta farko. Daga nan sai ta ce, "An ci gaba da allurai daga baya kamar yadda aka saba."

Shekara ashirin na duba rubutun yara sun koya mini abu ɗaya: inda mai yawan bayani ya taƙaita kwatsam, nan gawar take. Na ce, "Ta biyun ƙarfe nawa?" Ta ce da safe. Na ce awa 12 daga 9:40 na dare 9:40 na safe ke nan, haka aka yi? Ba ta amsa ba. Can ta ce 1:15 na rana.

Jinkirin awa uku da minti 35. Robar da aka sa wa yarinyar a jijiya ta fita da safe wajen juye-juye. Ɗiyata ce ta fara gani wajen ƙarfe tara. Ɗaliba ce, ba ta da izinin sa wata ita kaɗai, wanda zai sa kuma yana kan wani yaro da ake ƙara wa jini. Ta faɗa masa sau ɗaya ya ce yana zuwa, ta ji nauyin ta sake faɗa, ta tsaya tana jira har aka yi azahar. Tana ba ni labarin tana kallon tabarma. Ta ce in ta rubuta lokacin, ko dai a ce ita ta yi sakaci a rage mata maki, ko a ce ta kai ƙarar na gaba da ita, kuma a hannunsa takardar shaidar sitaj ɗinta take.

Ban yi mata wa'azi ba, don tsoronta ba na banza ba ne. Na san yadda ƙaramin ma'aikaci yake ji a gaban babba, na yi shekaru ina gaishe da masu duba makarantu da hannu biyu. Abin da na nuna mata shi ne gajeren harshen nan da muka kwana uku muna koyo shi ne zai fitar da ita. Dogon bayani ne yake neman mai laifi. Muka rubuta: "Allura ta biyu: an tsara 9:40 na safe, an yi 1:15 na rana. Dalili: robar jijiya ta fita, an sake sa wata da 1:05." Babu sunan kowa, babu abin takaici, babu neman gafara. Lokacin nan kuma yana cikin takardar jinya, duk malamin da ya ga dama zai iya dubawa. In ya iske 1:15 a can ya iske "kamar yadda aka saba" a nan, to ba jinkiri za a tuhume ta da shi ba, ɓoyewa ce.

Ta ce to a wurin sharhi fa? Na ce wannan naki ne, ni ban san me ya kamata a yi ba. Ta tafi ɗaki da littafinta. Da safe ta nuna mini jimla biyu da ta rubuta da kanta. Ta farko ta ce akwai hanyar yin allurar a tsoka idan jijiya ta gagara, kuma ya kamata a tambayi mai kula da ɗakin ko za a bi ta. Ta biyu ta ce ɗalibin da ya ga lokacin magani ya wuce ya sake sanarwa, ya kuma rubuta lokacin da ya sanar. Ban taɓa ko wasali ba a cikinsu.

Rahoton ya sauko daga shafi shida zuwa uku da rabi, har da jadawalin. Da ta ga haka sai hankalinta ya sake tashi, wai na abokanta duk shafi takwas ne, malam zai ce ba ta yi aiki ba. Ta roƙe ni ko za mu mai da gabatarwar da muka cire, wadda ta fara da cewa zazzaɓin sauro babbar matsala ce a duniya baki ɗaya. Na ce malamin naki ya san da haka. Ta kai shi yadda yake.

Yarinyar ta fara shan kunu ranar Asabar, aka mai da ita kan ƙwayoyin sha na kwana uku, aka sallame su. Makin rahoton bai fito ba har yanzu da nake wannan rubutu, an ce sai malamai sun gama duba na kowa.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba na ba ƴan ajina aikin da ban taɓa ba su ba. Na ce kowa ya je gida ya tambayi uwarsa labarin ranar da shi ko ƙaninsa ya yi rashin lafiya, ya kawo mini a gida uku: yaushe, me ya faru, wa ya faɗa. Na hana su kalmar sai. Wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, in inna ta ce daren Lahadi, wace rana zan rubuta?" Na ce ya koma ya tambaye ta da gari ya waye wace rana ce.